Darasi na 9: Wasiƙar manomi zuwa ga malamin gona

Idan wata dabba tana yi maka ɓarna a rumbu, kai kuma ba ka gane ta ba, rubuta wa malamin gona abin da idonka ya gani. Shi bai shiga rumbunka ba, da bayaninka zai yi aiki. Karanta wannan wasiƙa a hankali.

Zuwa ga Malamin Gona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa wata dabba ta addabi masarata. Buhu 12 na ajiye, yau kwana 10 ke nan ta huda 3 daga ƙasa. Hujin ya kai hannuna ya shiga. Da dare take zuwa, domin da yamma nake sharewa, da safe in tarar da sabuwar ɓarna. Abin mamaki, masarar tana raguwa sosai amma ɓarɓashi kaɗan ne a ƙasa, kamar ɗauka take yi ta tafi. Na barbaɗa toka a bakin buhunan, na ga sawun ƙafa da jan wutsiya, sun nufi wani rami a gindin bango. Sau ɗaya na haska ta da tocila, wutsiyar kawai na hanga, rabinta na ƙarshe fari ne. Ga hoton sawun da kashinta, da tsinken ashana a gefe. Ban sa guba ba tukuna saboda yara da kaji. Malam, a taimaka mini da shawara.

Naka, (suna da lambar waya)

Ka lura, manomin bai ce "ɓera ne" ba. Da ya faɗi haka, da an ba shi shawarar ƙaramin tarko, ɓarna kuma ta ci gaba. Daga bayaninsa malamin zai fara cire ƙwari, don su ƙananan huji suke yi a jikin ƙwaya su bar gari. Zai cire kurege, mai yawo da rana. Ƙaramin ɓera kuma a wurin yake gaigayar hatsi, ya bar ɓarɓashi da kashi kamar ƙwayar shinkafa. Kwasar hatsi da farin rabin wutsiya sun fi kama da gafiya, wadda ke cika kumatunta ta kai rami.

Tsinken ashanar nan yana da muhimmanci ƙwarai. Kashin ɓera da na gafiya suna iya zama iri ɗaya a hoto idan babu abin gwada girma. Ɗauki hoton da hasken safe, daga sama kai tsaye, kafin a taka tokar. Kada ka taɓa kashin da hannu, yana ɗauke da cuta.

Aiki: Rubuta taka wasiƙar a layi 8. Faɗi irin hatsin, yawan buhun da aka taɓa, lokacin ɓarnar, da abin da ka ajiye kusa da sawun kafin ka ɗauki hoto.