Darasi na Bakwai: Idan Sunan Fasfo Ya Saɓa da Na Satifiket

Mu a gida, Muhammadu da Muhammad da Mohammed duk mutum ɗaya ne. Amma ma'aikacin da zai duba takardunka a jami'ar wata ƙasa ko a ofishin biza bai san ka ba. Haruffa kawai yake gwadawa. Idan ba su dace ba, yana iya ajiye takardunka har lokacin karɓa ya wuce.

Kafin ka cike kowane fom, shimfiɗa takardunka a kan tabarma: fasfo, takardar NIN, takardar haihuwa, satifiket na WAEC ko NECO, da na babbar makaranta. Kwafi sunan da ke kan kowace a littafinka, harafi bayan harafi, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Kada ka rubuta da ka. Ido yakan karanta abin da ya saba gani, ya tsallake kuskure.

A ce ga abin da ka samu. Fasfo da NIN sun ce USMAN MUHAMMAD SANI. Satifiket na WAEC ya ce USMAN MOHAMMED SANI. Na difloma kuma ya ce MOH'D S. USMAN. Saɓani uku ke nan: rubutun Muhammad ya canza, an taƙaita Sani zuwa harafi ɗaya, sannan jerin sunayen ya juya. Juyawar jeri ita ce mafi sauƙi. Taƙaitawar ta fi damuwa, domin S yana iya zama Sani, ko Salisu, ko Sulaiman.

To, wace takarda za a gyara? A wannan misali fasfo da NIN bakinsu ɗaya, don haka a bar su yadda suke. Ka je babbar kotu ka yi takardar rantsuwa, wadda ake kira afidabit, a gaban kwamishinan rantsuwa. A cikinta a jera duk rubutun ukun daidai yadda suke, a faɗi takardar da kowanne ya fito a kai, a bayyana cewa mutum ɗaya ne, kuma sunan da ke kan fasfo shi ne daidai. Karanta ta kafin ka sa hannu. Na sha ganin an kawo afidabit da sabon kuskure a ciki, rubutu ya koma huɗu maimakon uku, kuma abin yana ba ni takaici, domin kuɗi da wahala sun tafi a banza. Wasu hukumomi suna neman a haɗa da sanarwa a jarida. Idan ka buga, ka adana shafin gaba ɗaya don ranar ta fito.

Ka sani fa, afidabit ba ya goge abin da ke kan satifiket, yana dai shaida cewa naka ne. Shi ya sa za ka kai shi ofishin magatakardan makarantar da ka yi difloma, ka nemi wasiƙa mai hatimi da ke tabbatar da cikakken sunanka. Batun WAEC kuwa, idan a makaranta ka zana jarrabawar, ta hannun shugaban makarantar ake fara neman gyara, kuma yana ɗaukar lokaci.

Idan kuma duk satifiket ɗinka sun dace, fasfo ne kaɗai ya kauce, to shi za a gyara. A Nijeriya daga NIN ake farawa, saboda Hukumar Shige da Fice tana gwada bayanan fasfo da na NIN. Ka gyara sunan a hukumar NIMC, ka tabbata gyaran ya fito, sannan ka nemi canjin bayanai a ofishin fasfo. Sabon littafi za a ba ka mai sabuwar lamba, saboda haka kada ka tura lambar tsohon a fom. Ka biya ta hanyar hukuma, ka karɓi rasit. Kada ka taɓa kankare harafi ko gyara shi da biro, wannan laifin jabu ne.

Akwai bambancin da ba kuskure ba ne. Dubi ƙasan shafin hotonka a fasfo, za ka ga layi 2 da na'ura ke karantawa, kowanne mai gurbi 44. Sunan da ke misalinmu zai fito haka:

```
USMAN<<MUHAMMAD<SANI
```

Wanda ya zo kafin alamar `<<` shi ne sunan mahaifi, kuma shi za ka sa a gurbin Surname. A wannan layi ba a sa waƙafin sama, don haka Sa'adu yakan fito SAADU. Ba sai an je kotu a kan wannan ba.

Aikin aji: kowa ya zo da takardunsa biyu gobe. Abokin zamanka ya karanto haruffan da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana bin ɗaya takardar da yatsa. Duk inda suka rabu, rubuta shi a littafinka.