Yadda za ka jera rahoton wasan ƙwallo

Masu tura mana rahoton wasannin unguwa a nan Damagaram, ga wata shawara. Kada ka fara da "alƙali ya busa usur da ƙarfe huɗu." Wanda ke Birni yana duba waya sakamako yake nema, don haka jimlar farko ta faɗi wa ya ci, nawa da nawa, a wane fili.

Daga nan sai inda wasa ya juya, ko da a minti na 70 ne. A ce an tashi 2-1, 'yan Zango ke gaba da ci ɗaya har aka ba mai tsaron bayansu jan kati, cikin minti goma aka zura musu biyu. To jan katin nan ne sakin layi na biyu, ba ƙwallon farko ba. Yadda nake gane shi: in na cire abin, sakamakon zai canza? In zai canza, shi ne.

Sauran kuma, ƙwallaye, fenariti da aka ɓarar, canjin 'yan wasa, ka bi su bisa minti. Kwana da ba ta haifar da komai ba, bar ta. Ni ma na taɓa cika shafi da su, har aka tambaye ni a ƙasa, "Malam, wai wa ya ci?"