Kafin ka kwafa sunan yanki cikin teburin rahoto

'Yan'uwa masu haɗa rahoton ciniki, ga shawara. Idan rahoton wata yana haɗa tebur huɗu ko biyar, layuka sun kai miliyoyi, ka sa fihirisa amma har yanzu jira ake yi, ba laifi ka yi tebur guda mai faɗi, ka kwafa `region_name` cikin kowane layin ciniki. Sharaɗina ɗaya ne: teburin na karatu ne kawai, ana cika shi daga asalin bayanan kowane dare, ba mai gyara shi da hannu.

Na taɓa karya wannan sharaɗin. Aka mayar da wani shago daga yankin Kano zuwa na Jigawa, muka gyara teburin shaguna, layi ɗaya tak, amma tsofaffin layukan rahoto suka zauna da Kano. Shago ɗaya ya fito a yanki biyu. Jimillar ƙasa tana daidai, shi ya sa muka daɗe ba mu lura ba, alhali jimillar yankuna ta karkace.

Ga yadda nake kama irin wannan yanzu:

```sql
SELECT shop_id
FROM sales_report
GROUP BY shop_id
HAVING COUNT(DISTINCT region_name) > 1;
```

Sai dai kada ka yi gaggawar gyara duk abin da ya fito. Ka fara tambayar masu rahoton: cinikin bara na yankin da shagon yake a lokacin ne, ko na inda yake yau? Idan na lokacin ne, tsohon sunan tarihi ne, kamar farashin ranar sayarwa, a bar shi. Idan na yau ne, sake gina teburin gaba ɗaya ya fi `UPDATE` ɗin da zai iya tsallake wasu layuka.