Sabon zuwa Birtaniya: cire lambarka daga intanet kafin kira ya dame ka

Kusan kowane sabon zuwa, cikin zafin neman ɗaki ko aiki, sai ya watsa lambarsa ko'ina. Bayan wata biyu kuma ya zo yana kukan ana kiransa dare da rana, har da masu cewa daga Home Office suke, wai bizarsa ta samu matsala. Ɗan'uwa, kai ka ba su lambar.

Rajistar TPS, wato jerin lambobin da ba sa son kiran talla, ba ta da wuya. Kyauta ce a tpsonline.org.uk, kuma bayan kwana 28 doka ta hana kamfanoni kiranka don talla, sai waɗanda ka ba izini da kanka. Amma ɗan damfara ba ruwansa da ita.

Aikin yana wurin tsofaffin tallace-tallacenka. A ce ka rubuta "ina neman ɗaki a Manchester" a SpareRoom da Gumtree da wasu zaurukan Facebook, ka samu ɗaki, ka manta da su. Shiga Google ka nemi lambar cikin alamar zance, ta kowace siga, domin kowane shafi da yadda yake rubuta ta:

```
"07700900123"
"07700 900123"
"+447700900123"
```

Duk inda ta fito, shiga asusunka na wurin ka goge tallar gaba ɗaya. Cire manhajar daga waya ba ya goge komai, kuma nan ne mutanenmu suke yawan ruɗuwa. Duba hotuna ma. Idan ka ɗora takardar neman aiki mai ɗauke da lambarka, ko hoton da ka rubuta ta a jiki, wannan binciken ba lallai ya nuna su ba. Idan wani shafi ne ya kwafi tallar, aika musu imel ka ce su goge bayananka bisa dokar kare bayanai ta UK GDPR. Wata ɗaya suke da shi su amsa. Ajiye imel ɗin, domin in sun yi shiru, da shi za ka kai ƙara wurin ICO, hukumar kare bayanan mutane ta Birtaniya.

Bayan nan ne za ka koma wa Google ta shafinsa na Results about you, ka nemi a daina nuna lambar. Daga sakamakon bincike kawai yake cirewa, shafin yana nan, shi ya sa ake fara gogewa daga tushe.

Truecaller kuwa, ko ba ka taɓa sauke shi ba, sunanka na iya shiga ta wayoyin waɗanda suka ajiye lambarka. In kana da asusu, fara rufe shi a cikin manhajar, sannan ka je truecaller.com/unlisting ka sa lambar da +44 a gaba, ba tare da sifirin farko ba. Ka sake buɗe asusu da ita, ta dawo.

Saƙon damfara, tura shi zuwa 7726, kyauta ne. In kuma za ka sake neman ɗaki, sayi layi na biyu mai araha don talla kawai, ainihin lambarka ka bar wa banki da likita da 'yan gida.