Korewa biyu a jimla ɗaya: inda masu koyon Turanci suka fi tuntuɓe

A daidaitaccen Turanci, irin wanda ake rubuta jarrabawar WAEC da NECO da wasiƙar neman aiki da shi, kalmar korewa ɗaya tak ake so a kowane yanki na jimla. Wanda ya rubuta *I didn't see nobody* ya sa biyu, ga *didn't* ga *nobody*. Gyaran hanya biyu ne: ko *I didn't see anybody*, ko *I saw nobody*. Ka zaɓi wurin da korewar za ta zauna, jikin aikatau ko jikin abin da ake korewa, ka bar ɗaya wurin a sake.

Abin da ke jefa Bahaushe cikin wannan rami shi ne yadda aka haddace masa kalmomi tun firamare. An ce masa "babu kowa" shi ne *nobody*, "babu komai" kuma *nothing*, sai ya ɗauka duk inda ya ga "kowa" a jimlar korewa, *nobody* ne. Alhali a "ban ga kowa ba", korewar tana cikin "ban... ba" ɗin nan. "Kowa" ba ta kore komai ba, aikin *anybody* take yi. Haka "komai" take da *anything*, "ko'ina" da *anywhere*. A nan Hausa da Turancin makaranta tafiyarsu ɗaya, shi ya sa abin ke damuna idan na ga ɗalibi ya rasa maki a kan abin da harshensa ya riga ya koya masa.

Akwai wurin da kalmomin *any* ba sa shiga, wato farkon jimlar korewa. Ba a cewa *Anybody didn't come*. "Babu wanda ya zo" shi ne *Nobody came*, kuma tunda *nobody* ya ɗauki korewar, aikatau ba ya buƙatar *not*.

Waɗanda suka fi wuyar kamawa su ne kalmomin da ke ɗauke da korewa a ɓoye: *hardly*, *scarcely*, *barely*, *without*, *unless*. Babu *no* a jikinsu, sai ido ya wuce su. Ga irin saƙon da ma'aikaci kan tura wa shugabansa:

*I couldn't hardly walk yesterday, so I didn't go nowhere. I can't resume unless I don't see the doctor.*

Ɗauki biro, ka ja layi ƙarƙashin kowace kalmar korewa, yanki bayan yanki. A na farko akwai *couldn't* da *hardly*. Ita *hardly* tana nufin "da ƙyar", don haka *not* ne zai fita: *I could hardly walk*. A na biyu *nowhere* ya koma *anywhere*. Na ƙarshen ne ya fi haɗari, domin a nan ma'anar ce ta kife gaba ɗaya. *Unless* tana nufin "sai idan", wato ta haɗiye *if* da *not* tare. Da ya ƙara mata *don't*, sai saƙon ya zama ba zai dawo aiki ba sai idan bai ga likita ba. Abin da yake nufi shi ne *unless I see the doctor*. Lura cewa *can't* ta zauna lafiya, saboda yankinta daban ne da na *unless*. Ƙirga korewa a yanki ake yi, ba a jimlar duka ba.

Sai batun amsa tambaya. Idan aka ce maka "Ba ka ci abinci ba?", kana iya cewa "E, ban ci ba", domin maganar mai tambaya kake gaskatawa. Turanci ba ruwansa da yadda aka yi tambayar, abin da ya faru yake bi. Amsar *Didn't you eat?* ita ce *No, I didn't* idan ba ka ci ba, *Yes, I did* idan ka ci. *Yes, I didn't* ba ta shiga. Haka kuma wajen cewa "ni ma": bayan korewa *too* tana komawa *either*. Aboki ya ce *I don't drink coffee*, kai kuma ka ce *I don't either* ko *Neither do I*. Kada ka haɗa su ka ce *Neither don't I*.

Za ka ji korewa biyu a bakin Baƙaƙen Amurka da wasu mutanen Landan, kuma wannan ba jahilci ba ne, ƙa'idar karin harshensu ce, tsohon Turanci ma yana yin haka. Masana nahawu na ƙarni na 18 ne suka ƙarfafa dokar hana shi a rubutu, irin su Robert Lowth. Akwai kuma korewa biyu ta ganganci da aka yarda da ita, kamar *It is not uncommon*, wato abin yakan faru. Kafin ka goge, ka tambayi kanka ko "a'a" kake nufi ko kuwa "e" mai sassauci. Idan "a'a" ce, korewa ɗaya ta fita.