Darasi na 9: Cire shatin tsatsa da bokitin ƙarfe ya bari a kan tayil

An gama goge-goge, an ajiye bokitin ƙarfe a kusurwar ɗaki da jiƙaƙƙen gindi, an manta da shi. Bayan kwana biyu ko uku aka ɗaga, sai ga zagaye ja-ja daidai faɗin gindin bokitin. An zuba garin sabulu an dirje, ɗakin ya yi fes, amma shatin yana nan. A wannan darasi za mu ga abin da ya sa sabulu ya kasa, da abin da ke cire shatin, da kuma irin daɓen da bai kamata a zuba wa maganin ba.

Daga ina tsatsar ta fito

Ƙarfe idan ya haɗu da ruwa da iska yakan ci, abin da ya ci ɗin shi ne tsatsa. Masu ƙera bokiti sun san haka, shi ya sa suke shafa masa tutiya a jiki, wato farin ƙarfen nan da ke sa sabon bokiti ƙyalli. Sai dai bakin gindin bokiti shi ke shan ja a ƙasa kullum, don haka a nan tutiyar ke fara gogewa. Da ƙarfen ya fito fili, ruwan da ya taru a ƙarƙashi sai ya kwashi tsatsa, ya bushe ya bar ta a kan tayil.

Sabulu aikinsa narka maiƙo da datti. Tsatsa ba maiƙo ba ce, ba ta narkewa a ruwa, ba ta narkewa a sabulu. Abin da ke narka ta shi ne abu mai tsami, wanda masana ke kira asid. Ruwan lemun tsami yana da shi, farin ruwan khal ma yana da shi, kowannensu kimanin kashi 5 cikin ɗari. Wannan ƙarfin ya isa ya cire sabuwar tsatsa idan an ba shi lokaci.

Ku fara sanin irin daɓenku

Nan ne nake so ku tsaya ku natsu, domin a nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Tsamin da ke narka tsatsa yana narka wasu duwatsu ma.

Yawancin tayil na yumɓu ne da aka gasa, aka yi masa rufi mai santsi irin na tangaran. Wannan ba ya jin tsoron lemun tsami. Tsatsar ma a samansa take kwanciya, ba ta shiga ciki, shi ya sa ya fi sauƙin wankewa. Amma akwai daɓen dutsen mabul, akwai na tarazo wanda aka yi da siminti da ƙananan gutsuren mabul, akwai kuma tayil na siminti zalla. Waɗannan duk suna da sinadarin farar ƙasa a jikinsu, kuma asid yana cin sa. Idan kun zuba musu lemun tsami, tsatsar za ta iya fita, amma wurin zai dushe, ya yi fari-fari, ya yi kaushi a hannu. Shatin ja ya tafi, shatin fari ya maye gurbinsa, kuma wannan sai mai injin goge dutse ne zai iya gyara shi.

Gwajin ba wuya. Ku nemi wurin da ido ba ya kai wa, kamar bayan ƙofa ko ƙarƙashin kabad, ku ɗiga ɗigo ɗaya na lemun tsami. Ku jira minti 2, ku share da jiƙaƙƙen tsumma, ku bari ya bushe. Sannan ku duba wurin ta gefe, inda haske ke faɗowa a kansa, ku shafa da yatsa. In ƙyallin yana nan yadda yake, ku ci gaba. In kun ga ƙananan kumfa lokacin da ɗigon ke kai, ko kuma wurin ya dushe bayan ya bushe, to ku ajiye lemun, daɓenku ba na tsami ba ne.

Aikin kansa, a kan tayil mai santsi

A ce shatin ya kai mako ɗaya, faɗinsa kamar taƙi ɗaya da rabi, kuma ya ratsa ta kan layin simintin da ke tsakanin tayil biyu. Za ku buƙaci lemun tsami 3 ko 4, gishiri cokali 2, tsohon buroshin haƙori, soson roba, tsumma, da guntun leda.

Ku share wurin, ku wanke da sabulu, ku ɗauraye sosai, ku goge ya bushe. Wannan wankin yana da dalili: maiƙo yana hana tsamin taɓa tsatsar, ragowar sabulu kuma yana rage masa ƙarfi. Daga nan ku jiƙa layin simintin kaɗai da ruwa zalla. Simintin tsakanin tayil yana shan ruwa, kuma tsami yana cin sa. Idan ya riga ya ƙoshi da ruwa, lemun ba zai shige shi da yawa ba.

Yanzu ku matse lemun a kan gishirin, ku cakuɗa har ya yi kauri, ya zamana ba ya malala. Amfanin gishirin shi ne ya riƙe ruwan lemun a kan shatin, ya kuma taimaka wajen dirza daga baya. Ku bi zagayen ku shafa masa da kauri, ku rufe da ledar don kada ya bushe, ku bar shi minti 15.

Jiran nan shi ne aikin. Mutane da yawa suna zubawa su hau dirza nan take, su gaji, su ce maganin ba ya aiki, alhali ba su ba shi dama ba. Tsami yana cin tsatsa ne a hankali, kuma muddin yana jiƙe ne kawai yake ci. In ya bushe ya daina aiki.

Bayan mintin 15 ku ɗaga ledar ku duba gishirin. In ya koma ruwan ɗorawa ko ja-ja, tsatsar ce ta taso. Ku dirza da soson roba, layin simintin kuma ku bi shi da buroshin a hankali, ku kwashe da tsumma, ku ɗauraye. Sau da yawa za ku ga shatin ya ragu da rabi ko fiye, bai tafi duka ba. Ku sake haɗa sabo ku maimaita. Gara a yi sau 3 na minti 15 da a bar shi ya kwana, domin kwanan ba ya ƙara cire tsatsar, sai dai ya zaizaye simintin. In shatin ya fita daga kan tayil amma ya rage a layin siminti, ba abin mamaki ba ne, can ya fi shiga. Ku bi layin kaɗai da buroshi, minti 5 kawai a kowane karo. Da kun ga simintin ya fara sakin yashi a ƙarƙashin buroshi, ku dakata.

A ƙarshe ku narka bekin soda cokali ɗaya a kofin ruwa ku wanke wurin, don ya kashe ragowar tsamin. Sai ku ɗauraye da ruwa zalla, ku goge. Kada ku haɗa bekin soda da lemun tun farko kamar yadda wasu ke yi. Kumfar da ke tashi tana burge ido, amma alama ce ta cewa ɗaya ya kashe ƙarfin ɗaya.

Idan ba lemu, ku jiƙa tsumma da farin ruwan khal ku shimfiɗa a kan shatin. Ya fi lemun tsami jinkiri wajen cin tsatsa, don haka ku ba shi minti 30.

Idan shatin ya tsufa

Shatin da ya yi watanni, ko wanda ke kan tayil marar rufi mai shan ruwa, yakan fi ƙarfin lemu. A nan ana amfani da maganin tsatsa na kwalba ko na gari, wanda yawancinsa ke ɗauke da asid ɗin okzalik. Wannan ya fi lemun tsami iya kama tsatsa nesa ba kusa ba, amma guba ne in an sha, yana kuma ƙona fata da ido. Ku sa safar hannu ta roba, ku buɗe taga, ku nisantar da yara, ku bi awon da aka rubuta a jikin kwalbar, kada ku ƙara. Shi ma asid ne, saboda haka gwajin ɗigo ɗaya ya zama dole kafin a zuba.

Ga mai daɓen mabul ko tarazo, akwai maganin tsatsa da aka yi musamman domin dutse, wanda ba asid a cikinsa. Ku karanta jikin kwalbar ku tabbatar an ambaci mabul. Wasu irinsa suna komawa shunayya idan sun taɓa tsatsa, alamar suna aiki ke nan, kuma ba a barin su su bushe a kan dutsen. In tsatsar ta nitse cikin dutsen sosai, wataƙila ta ragu ne kawai ba ta ɓace duka ba.

Abubuwa biyu da ke ƙara dagula lamarin

Na farko bilic. Da yake yana faranta tufafi, hannu yakan kai gare shi da sauri. Amma bilic ba ya narka tsatsa, sai ma ya ƙara kafe ta, ya sa ta yi duhu. Abin da ya fi wannan muni shi ne haɗa shi da tsami. Bilic idan ya gamu da ruwan khal, ko lemun tsami, ko maganin tsatsa, yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi da ƙona ido, musamman a ƙaramin banɗaki marar taga. In kun riga kun zuba bilic a wurin, ku ɗauraye da ruwa mai yawa sau biyu, ku bari ya bushe, sannan ku kawo lemu. In kuma kun ji wari mai yaji ya tashi kuna cikin aiki, ku fita nan take ku bar ƙofa a buɗe.

Na biyu soson ƙarfe. Yana karce rufin tayil, datti ya riƙa maƙalewa a karcen. Yana kuma barin ƙananan ɓarɓashin ƙarfe a layin siminti, waɗanda za su yi tasu tsatsar da zarar sun sha ruwa.

Bokitin kuma fa

In aka mayar da shi wurinsa da jiƙaƙƙen gindi, shatin zai dawo. Bayan aiki ku zubar da ruwan, ku goge gindin, ku rataye shi ko ku ɗora shi a kan farantin roba. Wanda yake so ya huta da matsalar sai ya goge tsatsar bakin gindin da takardar yashi ya shafa fentin mai, ko ya tsaga tsohon tiyon roba a tsaye ya sa wa bakin ya zagaye.

Aikin gida

Ku gwada ɗigon lemun tsami a ɓoyayyen wuri a daɓen gidanku. Ku rubuta jimla 3 a littafinku: irin daɓen, abin da kuka gani bayan minti 2, da maganin da ya dace da shi. Ku zo da littafin darasi mai zuwa.