Darasi na tara: Yadda za ka rubuta wa manajan banki imel idan an rufe maka akawun

Wannan darasin na masu waya ne da suka iya rubuta saƙo, ko suna da yaro a gida da zai danna musu. Misalin da za mu bi shi ne na manomin riɗi a wani ƙauye wajen Gumel, ya sayar da kayansa ga wani ɗan kasuwar Dawanau, mutumin ya turo masa naira 420,000, alat ya shigo lafiya lau, amma da ya je wajen mai POS ranar Alhamis a kasuwar Maigatari zai cire kuɗin leburori sai na'ura ta ƙi, an gwada taransfa ita ma ta ƙi, ga kuɗi yana gani a waya amma ba halin taɓawa.

Kafin a ɗauki waya a fara rubutu sai an fara tunanin me ya jawo. Mafi yawan akawun ɗin da ake buɗe wa mutane a ƙauye, wanda a da ejan yake zuwa ya buɗe da lambar waya da hoto kawai, ƙaramin akawun ne na matakin farko, kuma ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce kuɗin da ke cikinsa kada ya wuce naira 300,000. To 420,000 ta wuce, shi ya sa banki ya ɗora masa abin da za ka ji suna cewa PND, wato kuɗi ba ya fita. Wani kuma rashin haɗa BVN da NIN ne, tun umarnin da Babban Banki ya fitar a Disambar 2023, wani sunansa ne na BVN bai yi daidai da na katin ɗan ƙasa ba, wani kuma ya daɗe ne bai taɓa akawun ɗin ba ya yi barci. Kai dai ba lallai ka san wanne ne naka ba, kuma ba kai za ka yanke hukunci ba, tambaya za ka yi.

Ga abin da ɗan manomin ya fara rubutawa cikin fushi:

"slm manaja kun rufemin akawun tun jiya bana iya cire kudina wlh wannan zalunci ne ku budemin yanzu yanzu ko nakai kara. idan kuna son pin dina sai na turo"

Ku sake karanta shi kamar ku ne manajan. Wane ne wannan? Wane akawun? Jiya ɗin wace rana ce, idan sai Litinin ya buɗe saƙon? Mutum dubu nawa ne ke da akawun a reshen nan, ba suna ba lamba, ko da yana son taimako ba shi da inda zai kama. Saboda haka gyaran farko tun kafin a zo kan nahawu shi ne a sa bayani: cikakken suna yadda yake a banki, ba laƙabin da ake kiranka da shi a gari ba, lambar akawun mai lamba 10, lambar wayar da alat ke shigowa, ranar da abin ya faru da kwanan wata, da yawan kuɗin. Lambar akawun ɗin nan a duba ta sau biyu, ɗaya ya karanta ɗaya yana bi da yatsa, a ƙirga a ga goma ce cif, domin mutane da yawa BVN suke rubutawa a wurinta, ita kuwa BVN lamba 11 ce.

Sai maganar PIN. Layin nan na ƙarshe a goge shi gaba ɗaya. Ba a rubuta PIN a imel, ba a rubuta dogayen lambobin jikin katin ATM, ba a tura lambar OTP da ke shigowa waya, manaja ba ya buƙatarsu wajen duba akawun, kuma duk wanda ya amsa maka ko ya kira ka yana cewa turo su a buɗe maka, ɓarawo ne ko da ya ambaci sunanka da na ƙauyenku.

Yanzu ladabi, nan ne za mu ɗan daɗe. "Kun rufe min" zargi ne kai tsaye, kamar ka nuna mutum da yatsa, alhali galibi na'ura ce ta rufe ba manaja ba. A mayar da shi "na tarar ba na iya cire kuɗi", magana ɗaya ce amma ba ka ɗora wa kowa laifi ba. "Ku buɗe min yanzu-yanzu" umarni ne, ba ka faɗa wa mai gari haka balle wanda ba ka taɓa gani ba, sai a ce "ina roƙon a duba min". "Wallahi" da "zalunci" a cire su, rantsuwa ba ta ƙara wa takarda nauyi. Barazanar kai ƙara ma ba wurinta ba ne a saƙon farko, tana da lokacinta, za mu zo kai.

Amma fa kada a zarce. Na sha ganin wasu idan an ce su yi ladabi sai su cika layi biyar da gaisuwa, ya iyali ya aiki ya damina Allah ya ƙara girma Allah ya ja zamani, sannan su hau "don girman Allah a taimaka wa talaka", har mai karatu ya gaji bai kai ga matsalar ba. Kuɗinka ne, ba bara ka zo ba. Sallama ɗaya, fatan alheri ɗaya, sai magana. Idan ka san manajan namiji ne ka ce "Ranka ya daɗe", idan mace ce "Ranki ya daɗe", idan ba ka sani ba kada ka yi caca, rubuta "Zuwa ga Manajan Reshe" ka riƙa amfani da "ku" har ƙarshe. Abin da bai kamata ba shi ne a fara da "ku" a koma "ka" a tsakiya, "ina roƙonku" sannan "ka duba min", wanda ka ɗauka ka riƙe shi.

Gyara na huɗu shi ne rubutun kansa. "Bana" a haɗe shekarar da muke ciki ce, mai nufin ƙi kuwa "ba na" ne a rabe, to "bana iya cire kuɗi" ya zama kishiyar abin da yaron yake nufi. "Kara" na dawa ne, na kotu "ƙara" ne da ƙugiya, kuma "kudina" sai ya zama "kuɗina". Idan wayar ba ta da ƙ da ɗ da ɓ a shiga saitin madannai a ƙara Hausa, idan ya gagara a rubuta k' da d' da b'. "Rufemin" a raba shi "rufe min", "nakai" ya zama "na kai", amma "akawun ɗina" da "kuɗina" da "sunana" ɗan mallakar a manne yake. "Slm" da "wlh" na hira da abokai ne, a rubuta sallama cikakkiya. A fara jimla da babban baƙi, a rufe da aya.

A akwatin da aka rubuta Subject a sa kan magana gajere, kada a bar shi fayau: "Roƙon a duba akawun da aka dakatar", sai lambar akawun a gaba. Ga saƙon bayan gyara:

"Zuwa ga Manajan Reshe,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya.

Sunana wane ɗan wane, ina da akawun na ajiya a reshenku mai lamba kaza. Ranar Laraba 12 ga wata an turo min naira 420,000, kuɗin riɗin da na sayar. Ranar Alhamis 13 ga wata na je cire kuɗi a POS ya ƙi, taransfa ma ta ƙi, kuma har yau haka yake.

Ina roƙon ku duba min dalilin da ya sa aka dakatar da akawun ɗin, ku kuma sanar da ni takardun da zan zo da su idan sai na zo da kaina, domin garinmu da nisa. Ina da BVN da NIN. Ina kuma roƙon a ba ni lambar da zan riƙa bibiyar wannan ƙorafi da ita.

Na haɗo hoton takardar da POS ya fitar. Za a same ni a lambar waya kaza, ita ce ke kan akawun ɗin.

Na gode.
Wane ɗan wane"

Ku lura ya faɗi inda kuɗin ya fito. Wannan layin yana da amfani sosai, domin akawun da bai saba ganin fiye da dubu ashirin ba rana ɗaya aka zuba masa dubu ɗari huɗu, dole su so sanin na mene ne. Ku kuma lura bai ce a buɗe ta imel ba. Irin wannan matsalar galibi sai an ɗaga akawun zuwa mataki na sama, mutum ya je da katin shaida da hoto ya cika fom ya sa hannu, to amfanin imel ɗin shi ne ka je sau ɗaya da komai a hannu, ba ka biya kuɗin mota zuwa Gumel a ce maka koma ka ɗauko kaza ba. Wanda ya manta BVN ɗinsa ya danna wannan a layin da ya yi rajista da shi, akwai ɗan kuɗin da ake cira:

```
*565*0#
```

Adireshin da za a sa a akwatin To a karɓe shi daga reshen ko daga bayan katin ATM ko manhajar bankin, ba daga wani a Fesbuk ba. Adireshin banki na gaskiya sunan bankin ne ke bayan alamar @, idan ka ga ya ƙare da gmail.com ka tsaya. Idan aka ce sai da Turanci, to a gama gyara na Hausar tukuna sannan a ba wanda ya iya ya juya, a sake duba lambobin bayan ya gama, domin wajen kwafa ne lamba ɗaya ke faɗuwa.

Kafin a danna Send a karanta saƙon da ƙarfi wani yana saurare, inda numfashi ya ƙare ba aya a sa aya. Bayan an tura kada a goge shi, shi ne shaidarka mai kwanan wata. Idan mako biyu ya wuce ba amsa ba gyara, lokacin ne ake kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, ta cpd@cbn.gov.ng, a haɗa musu saƙon farko da lambar bibiyar da banki ya bayar.

Aikin gida: kowa ya gyara wannan a littafinsa, ya sa abin da ya rage, ya zo da shi ranar Asabar mu karanta a aji.

"manaja sati biyu kenan bana samun alat kuma katina baya aiki kayi sauri ka gyaramin nagode"